Ƙanena da cacar ƙungiyar da ke tashe

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki.

Ƙanena ne ya faɗa cacar ƙwallo, kuma hujjarsa kullum ɗaya ce: wai shi ba ya zuba kuɗi sai a kan ƙungiyar da ke tashe. Ni malamin lissafi ne, na san inda ramin yake, amma na kasa fito da shi.

Na zaunar da shi na ce, kowane sakamako ƙwarewa ce haɗe da sa'a. Ƙwarewa tana nan daram, sa'a kuwa baƙuwa ce. Idan ƙungiya ta ci wasa biyar a jere, galibi biyun ne suka haɗu mata, daga baya sai ta koma matsayinta na asali. Mu a lissafi komawa ga matsakaici muke ce masa. Na tuna masa Papiss Cissé, wanda ya zura ƙwallo 13 a wasa 14 na Firimiya da ya je Newcastle a 2012, amma a kakar da ta biyo baya 8 kacal ya ci a wasa 36. Mutumin bai manta ƙwallo ba, wancan tashen ne ya fi ƙarfinsa.

Sai na ɗauki takarda da biro. Na ce a ce ƙungiya rabi da rabi ne damarta ta cin kowane wasa. Yiwuwar ta ci biyar a jere 1 ce cikin 32, a gasa mai ƙungiyoyi 20 kuwa dole a riƙa ganin haka jefi-jefi. Od ɗin da ya dace da ita, wato ninkin kuɗin da ake biyan wanda ya ci, 2.00 ne. To jama'a sun ga tashe sun yi mata caa, od ya sauko 1.60, wato ana sayar masa da ita kamar damarta kashi 62.5 cikin 100 ce. Ya zuba 100 sau goma, ya ci biyar, 800 za ta dawo masa cikin 1,000. Ya yi daidai rabin lokaci, kuma 200 ta tafi.

Ya yi shiru yana kallon takardar, har na fara murna. Can sai ya ce, "To Yaya, ke nan in riƙa zubawa a kan za ta faɗi." Nan na san ban yi komai ba. Na ce ba bashin faɗuwa ake bin ƙungiyar ba, damarta tana nan rabi da rabi, kuma kamfanin ya riga ya cire ribarsa a kowane ɓangare.

Jiya kuma ya zo neman rance, wai akwai wata da ta ci shida a jere. Malam, in hana shi in yi shiru, ko in sanar da mahaifinmu, alhali ya roƙe ni in rufa masa asiri?

Naka,
Wani mai sauraro