Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakatare: Roƙon A Tabbatar Da Ni A Aiki Bayan Cikar Wa'adin Gwaji

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikaci ne a mataki na 08 a ma'aikatar da kake jagoranta. Na cika shekara biyu na gwaji, na ci jarrabawar tabbatarwa, ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba, kuma takardar neman tabbatarwa da na rubuta ta bi ta hannun shugaban sashena kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Har yau ba a ce an tabbatar da ni ba, ba a ce an ƙara mini wa'adi ba, ba a kuma ce an sallame ni ba. Na mai da roƙon nan a fili ne domin abin da ya tsayar da fayil ɗina shi ne yake tsayar da na wasu da dama, kuma gyaransa yana hannun ofishinka. Babu wani sirrin gwamnati a cikin abin da zan faɗa, duk yana cikin Dokokin Aikin Gwamnati da kowane ma'aikaci yake karantawa kafin jarrabawa.

Dokokin sun ce wanda aka ɗauka sabo a aikin dindindin na gwamnatin tarayya zai yi shekara biyu yana gwaji. Ana iya rage masa idan ya taɓa yin aikin gwamnati makamancin wannan a baya, amma ba zai gaza wata shida ba. Idan shekara biyun ta cika, hanya uku ce kawai a gaban hukuma: ko ta tabbatar da shi, ko ta ƙara masa wa'adi, ko ta kawo ƙarshen aikinsa. Ƙarin wa'adin ma sai da amincewar hukumar da ke da ikon ɗaukarsa. Yin shiru ba ya cikin ukun nan. Wanda aka bari a shekara ta uku ba takarda, an ƙara masa wa'adi ne a aikace ba tare da kowa ya sa hannu ba, ba a gaya masa laifinsa ba, balle ya san abin da zai gyara.

Na san za a iya cewa kotu ta riga ta yi magana a kan irin wannan. Gaskiya ne, a shari'ar Jami'ar Obafemi Awolowo da Onabanjo a 1991, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta nuna cewa wanda aka bari yana aiki ana biyansa albashi bayan wa'adin gwajinsa ya wuce, ana ɗaukar an tabbatar da shi. Amma wannan hujja ce ta wanda ya riga ya shiga rigima da ma'aikatarsa. Jami'in da ke tattara sunayen masu zuwa jarrabawar ƙarin girma ba zai karɓi hukuncin kotu a madadin takarda ba. Zai buɗe fayil, in bai ga wasiƙar tabbatarwa ba ya ajiye shi gefe, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Abin da ake nema a cikin fayil ɗin kaɗan ne. Akwai takardar ɗaukar aiki da ta karɓar tayi. Akwai takardar kama aiki, wadda ita ce ke nuna ranar da ƙidayar shekara biyu ta fara, domin daga ranar da mutum ya kama aiki ake lissafi, ba daga ranar da aka buga takardar ɗaukarsa ba. Akwai sakamakon jarrabawar tabbatarwa da Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya yake shiryawa, inda ake gwada mutum a kan Dokokin Aikin Gwamnati, Dokokin Kuɗi da sauran darussan da suka shafi rukunin aikinsa. Sai rahotannin ƙwazo, sannan shawarar shugaban sashe. Dukan waɗannan suna cikin fayil ɗina, ban da abu ɗaya, kuma a kansa nake so in tsaya.

Shi ne rahoton ci gaba da ake cikewa a kan mai gwaji duk bayan wata shida. Wannan rahoto daban yake da na auna ƙwazo da ake yi wa kowa a shekara. Manufarsa ita ce a riƙa bin sawun sabon ma'aikaci tun da wuri, in yana da rauni a gaya masa yana da sauran lokacin gyarawa, sannan rahoton ƙarshe ya fito kafin wa'adin ya cika, ya faɗi ƙarara ko ya cancanci a tabbatar da shi. Wanda ke cike shi shi ne jami'in da ma'aikacin yake aiki a ƙarƙashinsa kai tsaye, na gaba da shi ya sa hannu. Matsalar tana zuwa ne idan aka yi wa jami'in nan canjin wurin aiki a tsakiyar zango. Ya tafi bai cike ba, takardar miƙa aikin da ya bari ba ta ambaci masu gwajin da ke ƙarƙashinsa ba. Wanda ya gaje shi ya ce ba zai yi shaida a kan watannin da bai gani ba, kuma yana da gaskiya. Sai fayil ya isa sashen kula da ma'aikata da giɓin wata shida, a rubuta a kansa cewa a jira rahoto, ya koma rajista. Daga nan ba mai sake ɗaga shi, domin ba aikin kowa ba ne ya bi sawun rahoton da ba a rubuta ba.

Ana gane fayil ɗin da ya faɗa wannan rami da sauƙi. Bayanin ƙarshe da ke cikinsa yana cewa a jira, ba ranar da aka sa a sake kawo shi, kuma ba wasiƙar da ta fita zuwa ga jami'in da ake jira. Giɓin ba shaida ba ce a kan ma'aikacin, domin ba shi ke rubuta rahoto a kan kansa ba. Maganinsa wasiƙa ɗaya ce daga Daraktan Kula da Ma'aikata zuwa inda tsohon jami'in yake yanzu, da kwanan watan da ake so ya mayar da amsa. In ya yi ritaya ko ya rasu, jami'in da ya kamata ya sa hannu na biyu yana nan, shi ma ya ga aikin, yana iya rubutawa ya bayyana dalilin da ya sa shi ne ya rubuta.

Yallaɓai, bari in nuna abin da jinkirin ke ci da misali. A ce ma'aikaci ya kama aiki a mataki na 08 ranar 1 ga Maris 2021. Gwajinsa zai cika a ƙarshen Fabrairu 2023. Daga mataki na 07 zuwa na 14 shekara uku ake yi kafin a cancanci ƙarin girma, don haka zai cika ta a Maris 2024, ya shiga sahun waɗanda ƙarin girmansu zai fara aiki daga 1 ga Janairu 2025. Tsakanin cikar gwajinsa da lokacin tattara sunaye akwai sarari mai yawa, ya isa a gama masa komai. Amma in lokacin ya zo ba wasiƙar tabbatarwa, sunansa ba zai shiga ba. Abokan da suka kama aiki rana ɗaya da shi za su hau na 09, shi yana na 08. Ko an ba shi wasiƙar bayan wata biyu, zagayen ya wuce, sai na baɗi. Kuma wannan shekara ɗaya ba ta tsaya a nan ba, domin ƙidayar shekara uku ta gaba daga ranar ƙarin girman da ya makara za ta fara. Haka zai yi ta bin bayan tsararrakinsa a kowane mataki, albashinsa ƙasa da nasu, abin da ake zuba masa a asusun fansho ma ƙasa da nasu, tunda kaso ne na albashi.

Ban da ƙarin girma, wanda ba a tabbatar ba ba ya samun hutun ƙaro karatu da albashi, ba ya samun rancen gida na ma'aikatan tarayya, ba a kuma yi masa canjin aiki zuwa wata hukuma. Mafi nauyi shi ne matsayinsa a gaban doka: mai gwaji ana iya sallamarsa da sanarwa a kan cewa bai dace da aikin ba, alhali wanda aka tabbatar sai an bi matakan ladabtarwa an saurari bahasinsa. Doka ta matsa wa ma'aikaci ya zauna jarrabawar tabbatarwa a kan kari, har ta ce wanda ya faɗi sau uku a jere ya bar aiki. Tunda an ɗaure shi da lokaci, adalci ne ofis ma ya ɗaure kansa da lokaci.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A nemo rahoton da ya rage ta hanyar da na ambata. A sa fayil ɗina a zaman Kwamitin Manyan Ma'aikata na gaba, tunda masu mataki na 07 zuwa sama ta nan lamarinsu yake bi, kuma Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ce ta ɗauke mu. In kwamitin ya gamsu, ina roƙon a kula da ranar da za a rubuta a wasiƙar. Tabbatarwar ta fara aiki daga ranar da shekara biyu ta cika, ba daga ranar da kwamiti ya zauna ko ranar da aka buga wasiƙa ba. Wannan kuskure yana yawan faruwa a hannun mai buga takarda, kuma in ya shiga gazet, gyara shi ya fi samun wasiƙar farko wahala, domin duk wanda ya duba daga baya zai ɗauka an ƙara wa mutumin wa'adi ne saboda gazawa. Bayan wasiƙar ta fito, a aika don bugawa a gazet, a shigar da ita a takardar tarihin aiki, a kuma sabunta bayanina a IPPIS, tsarin na'ura na biyan albashin ma'aikatan tarayya, don kada takarda ta ce an tabbatar, na'ura ta ce ana gwaji.

In kuwa kwamitin ya ga ban cancanta ba tukuna, ina roƙon a rubuto mini ƙarin wa'adin, da tsawonsa, da abin da ake so in gyara. Zan karɓa in yi aiki da shi.

Abu na ƙarshe bai shafe ni ni kaɗai ba. Ina roƙon ka umarci sashen kula da ma'aikata ya fitar da sunayen duk waɗanda suka haura shekara biyu ba a tabbatar da su ba, a rubuta abin da ya rage a gaban kowane suna, sannan daga yanzu kada a karɓi takardar miƙa aiki daga jami'in da aka canja wa wuri sai ya cike rahoton masu gwajin da ke ƙarƙashinsa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka.

Naka mai biyayya,
Ma'aikaci a mataki na 08