Dankalin da ya yi kore, da doyar da ta yi tsiro

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da nake yawan ji, wai dankalin turawa da ya yi kore ɗanye ne kawai, in an dafa shi sosai shi ke nan. Wannan kuskure ne, kuma yana iya kwantar da yaro.

Koren nan irin na ganye ne, haske ne ke jawo shi, kuma shi kansa ba ya cutarwa. Matsalar ita ce hasken da ya sa dankalin yin kore shi ne ke sa shi ƙara tara wata guba mai suna solanin. Gubar ta fi taruwa a ɓawo da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa, da idanun dankalin, sai tsiron, wanda ya fi ko'ina yawanta. Tafasawa ba ta kashe ta, suya ma kaɗan take ragewa. Wanda ya ci da yawa, cikin sa'o'i zai ji tashin zuciya, amai, murɗar ciki da gudawa. A 1978 ɗalibai 78 suka kwanta a wata makaranta a kudancin Landan bayan an dafa musu tsohon dankalin da ya daɗe a ajiye.

Kwanan baya na zazzage ragowar buhuna da na bari kusa da taga. Wasu na nan da tauri, tsiron bai kai rabin gaɓar yatsa ba, koren kuma ɗan tabo ne a gefe guda. Waɗannan na ƙwaƙule idanunsu da bakin wuƙa, na fere su da kauri har sai da kore ya ɓace. Guda huɗu kuwa sun yamushe, tsironsu ya yi tsawo, da na yanka ɗaya na ga koren ya ratsa cikin naman. Zubar da su na yi, ko dabba ban ba wa ba. In kuma an riga an dafa sai aka ji ɗaci ko maƙaƙi a maƙogwaro, a ajiye cokali, musamman idan yara ne za su ci, don jikinsu ƙarami ne.

Doya dabam ce. Ba danginsu ɗaya da dankalin turawa ba, kuma ba ta yin solanin. Tsironta abincin da ke cikinta yake zuƙewa, sai ta rame ta rage daɗi, don haka a riƙa karye shi da zarar ya leƙo. Duhun da take yi bayan an yanka ta aikin iska ne, in an tsoma ta a ruwa ba za ta yi sosai ba. Wadda za a zubar ita ce wadda ta yi laushi, ko fumfuna, ko wari, ko aka tsaga aka tarar ruɓa ta ratsa ta.

Shi dankalin, a ajiye shi a wuri mai duhu da sanyi inda iska ke shiga, kada a ƙulle shi cikin leda.

Na gode,
Mai karanta jaridarku a kullum