Zuwa ga Sakataren Matasa: ga wuraren da na taɓa a sanarwarku

"Baba, ka hana a karanta sanarwarmu a masallaci da kasuwa. Ga abin da muka rubuta: 'Hattara jama'a! Annobar amai da gudawa ta shigo, tana kisa cikin awa biyu, wanda ya kamu sai dai wani ikon Allah! Ku sha ruwan gishiri da sukari, zai tsayar da gudawar nan take, ku warke garau.' Ina ƙaryar take? Mutanenmu in ba a tsorata su ba ai ba sa ji."

Sakatare, ɗana, salamu alaikum.

A ƙofar dagaci ka yi mini tambayar, gaban dattawa, ga magariba ta kawo kai, shi ya sa na ce zan amsa a rubuce kowa ya gani. Ban raina aikinku ba. Ku kuka fara tunanin yin sanarwar tun ruwan kogin Haɗeja bai gama cika fadama ba, mu da muke asibiti muna zaune.

Ni in an ba ni sanarwar lafiya, mutum ɗaya nake kawowa a raina: matar da ɗanta ya fara zawo da ƙarfe biyu na dare, maigida ya tafi cin rani ko yana gona, hanya ta yanke. Ba ta je masallaci ba, abin da ya iso kunnenta shi ne abin da yaron gida ya riƙo daga bakin liman. Me za ta yi da shi? Da wannan mudun na auna taku.

Mu fara da kisa cikin awa biyu. Gaskiya ne kwalara mai tsanani tana iya kashe babban mutum cikin awoyi in ba a mayar masa da ruwan jikinsa ba. Amma biyun nan daga ina kuka samo ta? Ba ta da tushe, kuma tana da illa ta fuska biyu. Wanda ya kwana yana gudawa bai mutu ba zai ce tasa ba ita ba ce, ya ci gaba da zama a gida. Wanda kuma asibiti ke da nisan awa uku daga rugarsu zai ce ko ya ɗauki hanya aikin banza ne. Jimlar da ta biyo baya ta fi damuna. Duk abin da ya samu bawa da ikon Allah ne, ba mai musu, amma yadda kuka jera kalmomin, abin da kunne ke ji shi ne babu magani. Alhali wanda aka kula da shi a kan lokaci, cikin mutum ɗari ko ɗaya ba ya kamata a rasa. Yawancin waɗanda suka kamu ma shan ruwan gishiri da sukari kaɗai ke isar su, ba sai an ɗaura musu ƙarin ruwa ba. Wannan labari ne mai daɗi, kuma shi ne kuka bari a waje.

Ka ce sai da tsoro ake ji. Ana ji, amma ba abin da kake so ake aikatawa ba. A daminar 2021, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da dubu 100 a ƙasar nan, ta kashe sama da 3,000, Jigawa da Kano suna cikin jihohin da suka fi shan wuya, ina aiki a wani ƙaramin asibiti. An yi ta shela irin taku. Abin da ya biyo baya, mutane suka fara ɓoye marasa lafiya, don kada a ce gidan wane ne ya kawo annoba, kada a ƙaurace wa abincin sayarwar matansu. Akwai magidancin da aka kawo mana a amalanke bayan ya kwana biyu a ɗaki, idanu sun zurma, murya ta dishe, jijiya ta ɓuya har sai da muka sha wahala kafin allura ta shiga. Ya tashi, alhamdu lillahi. Da aka tambayi ƙanensa me ya hana su zuwa, cewa ya yi ai sun ji an ce wanda ya kamu ba ya tashi, to gara ya cika a ɗakinsa.

Yanzu alkawarin. Nan ne kuskuren da ya fi girma, kuma shi ne wanda mutanen kirki suka fi yi, saboda suna son a karɓi maganin. Ruwan gishiri da sukari ba ya tsayar da gudawa. Ba aikinsa ba ne. Aikinsa mayar da ruwa da gishirin da ke zubewa, sukarin kuma shi ke taimaka wa hanji ya tsotse su, har jiki ya samu ya ci ƙarfin cutar. Gudawar za ta iya ci gaba kwana biyu ko uku ana shan sa, kuma yana aiki. To ka ga uwar da aka yi wa alkawarin "nan take": ta ba yaro kofi ɗaya, bayan rabin awa ya sake yi. Me za ta ce? Bai karɓe shi ba. Sai ta ajiye, ta aika kemis a sayo ja da yalo ko filajil, ko ta ce haƙori ne, ko in maɗiga ta faɗa a nemo abin shafawa. Faɗawar maɗigar nan kuwa alamar ƙarewar ruwa ce. Kun so ku tallata maganin, sai kuka ba ta dalilin barinsa. Shi ya sa a gyaran na sa a faɗa ƙarara cewa gudawar ba za ta tsaya nan take ba, tun kafin ta gani da idonta ta karaya.

Sai abin da babu shi sam: awo. "Ku sha" ba umarni ba ne in ba a ce nawa ba. Na taɓa ɗanɗana haɗin da wata kaka ta yi wa jikanta, gishirinsa kamar za a jiƙa fata. Irin wannan yana iya cutar da yaro fiye da gudawar. Ƙullin garin da ake bayarwa a asibiti, wanda ake kira O'ar'es, lita ɗaya aka auna masa, amma lita ba mudun ƙauye ba ce. Ledar fiyawata rabin lita ce, don haka leda biyu. Ƙaramin gwangwanin madara kuwa babu gidan da bai san shi ba. Ba kuma zan ce "ruwa mai tsabta" in yi shiru ba, don a wurin mutane da yawa ruwan da aka jefa wa alif ya kwanta ya zama mai tsabta. Alif yana kwantar da laka, ba ya kashe ƙwayar cuta. Kalmar da ake bukata ita ce tafasasshe.

Ga yadda na mayar da ita:

"Jama'a, lokacin amai da gudawa ne. Cuta ce da ake warkewa in an fara kula da wuri, kuma ba abin kunya ba ce. Da zarar an fara gudawa, a zuba ƙulli ɗaya na garin gishiri da sukari na asibiti a ruwan da ya kai leda biyu ta fiyawata, tafasasshe da ya huce. Bayan kowace gudawa, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rabin ƙaramin gwangwanin madara, cokali-cokali. Daga shekara 2 zuwa 10, gwangwani ɗaya. Babba ya sha iya yadda zai iya. In an yi amai, a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Gudawar ba za ta tsaya nan take ba, kada a daina bayarwa. Kada a hana nono ko abinci. Ruwan haɗin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A tafi asibiti ba tare da jira ba, ana ba da ruwan a hanya, in gudawar ta zama fara kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini, ko mutum ya kasa sha, ko idanu sun zurma, ko fitsari ya ɗauke, ko yaro ya yi laushi ba ya kula kowa. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu bayan ban ɗaki da kafin taɓa abinci."

Za ka ce ta fi taku tsawo. Ta fi. Ba ta wuce minti biyu a baki ba, na gwada. Ka lura kuma ban ɓoye haɗarin ba. Yana nan cikin alamomin, kowace alama da abin da za a yi in an gan ta. Ban rubuta "cikin gaggawa a nemi likita" ba, don a garin nan babu likita sai an je babban asibiti, kuma mai jin haka zai tsallake mu da muke kusa.

Abu biyu na cire da gangan, kuma na san za a tambaye ka. Na farko ƙwayar zinki da ake haɗawa da ƙullin. Tana da amfani ga yara, tana rage tsawon gudawar, ana sha kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da an warke. Amma awonta ya bambanta, jaririn da bai kai wata 6 ba rabin na wanda ya wuce ake ba shi, kuma irin wannan bayani a hannu ake yin sa lokacin da ake miƙa maganin, ba a lasifika ba. Na biyu haɗin gida. Akwai awo biyu da ke yawo: na Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, da kuma tsohon awon kwalba da aka koya wa iyayenku a rediyo. In aka karanta ɗaya a kasuwa, wata za ta haɗa gishirin wancan da ruwan wannan. Na fi son matan da ke bi gida-gida su nuna shi da cokali a hannu, a ɗanɗana, a ji bai fi hawaye gishiri ba. Wannan ra'ayina ne, akwai abokan aikina da za su ce a saka shi, ban ce sun yi laifi ba.

Kafin ka kai wa liman, ka karanta wa kakarka sau ɗaya tak, kada ka yi mata ƙarin bayani. Ka bar ta ta gama abin da take yi, sannan ka tambaye ta: in ɗan autan gidanku ya fara zawo yau da dare, me za ki yi, nawa za ki ba shi, yaushe za ki ce a fito da babur? Duk inda ta yi tuntuɓe ka ja layi, laifin jimlar ne. Ka kawo mini takardar ranar Alhamis bayan la'asar mu gyara tare. Ka zo da gwangwanin madara ɗaya daga gidanku in auna shi da sirinji, don na ga wasu sababbi a kasuwa da suka fi na da ƙanƙanta.

Ka gaida mutan gida.

Naka,
Baba Malamin Asibiti