Fari huɗu kuka rubuta, duk kamarsu ɗaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Amsar da malaminku na filin tambayoyi ya ba baiwar Allah nan mai koyon Hausa a makon jiya ta ɓata mini rai ƙwarai. Mace ta ce ta kasa rarrabe kalmar fari, sai ya jero mata fari na launi, fari na rashin ruwan sama, fari na ɗan fari, fari na jam'in fara, ya rufe da cewa ma'anar jimla ce za ta nuna mata. To ai ma'anar ta riga ta sani! Yadda za ta furta su take tambaya, shi kuwa ya rubuta mata haruffa huɗu iri ɗaya sau huɗu. An tambayi mutum hanya ya ce a bi hanya.

Ni shekara tara ke nan ina koyar da Hausa a ajin yamma, kuma yawancin ɗalibaina 'yan kasuwa ne daga kudu da ma'aikatan jinya. Da ni ne, layi biyu sun ishe ni. Zan fara gaya mata cewa wasalin da na ninka dogo ne, wanda na ɗora wa ɗan karan nan mai karkata (à) karinsa ƙasa ne, mai 'yar hula (â) faɗau ne, wato ya fara sama ya sauko, wanda ba shi da komai a kansa kuwa sama ne. Sannan in rubuta mata farii na launi, farìi na rashin ruwa, faarìi na ɗan fari, fàarii na jam'in fara. Ta duba ta ga na launi da na rashin ruwa a gaɓar ƙarshe kaɗai suka rabu, ɗaya ya tsaya sama ɗaya ya sauka, ta kuma ga sauran biyun ana jan gaɓarsu ta farko. Wannan bai ci rabin wurin da malaminku ya ɓata wajen yabon yalwar harshen Hausa ba.

Na san abin da za ku ce, ƙa'idar rubutun Hausa ba ta sa karin sauti, ba ta kuma nuna tsayin wasali. Gaskiya ne, ni ma ban ce ku cika labaran shafin farko da alamomi ba. Bahaushe in ya ga "ya tafi gari" ba zai zaci garin tuwo ba, kunnensa ya riga ya cike abin da alƙalami ya bari. In kuka yi masa alamomi ma sai dai ku rage masa saurin karatu. Amma ƙa'idar nan don wanda ya sha Hausa a nono aka yi ta. Mai koyo ba shi da wannan kunnen, abin da ya gani a takarda shi zai ɗauka ya kai kasuwa. Shi ya sa ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna kari da tsayi, na Newman na 2007 ma haka. Kai, ko a ajami kakanninmu suna nuna dogon wasali da alif da wau da ya, boko ne ya zo ya shafe wannan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne malaminku ya ɗauki matsalar kamar ta tsaya kan 'yan sunaye, irin su gàrii da gàarii ko wuyàa da wùyaa. Waɗannan ai masu sauƙi ne, ko mai koyo ya kuskure za a yi dariya a gane. Inda ake shan wuya shi ne ɗan ƙaramin "ya" ɗin nan da ke gaban aikatau. Akwai wata ɗalibata Bayarabiya mai sayar da atamfa. Wata rana tana jiran direban da zai kwashe mata kaya, ta aiki yaron shagonta ta ce, "Ka gaya wa maigida direba yaa zoo." Nufinta a turo direba. Yaro ya je ya isar da saƙo yadda ya ji, cewa direba ya iso. Maigida ya kwantar da hankalinsa, ita kuma ta zauna da dilolinta har la'asar ba mota ba dalilinta. Da ta zo aji tana ta faɗa, wai yaron ne ba ya ji. Na ce ta maimaita mini abin da ta ce, tana buɗe baki na gane yaro ba shi da laifi.

Na hau allo na rubuta mata "ya zo" sau huɗu. Yaa zoo, dogo kuma sama, an gama zuwan. Yà zoo, gajere kuma ƙasa, ana so ne ya zo, shi take nufi. Ya zoo, gajere kuma sama, irin na "shi ne ya zo" ko "sai ya zo ya zauna" a cikin labari. Yâa zoo, dogo mai faɗau, wanda muke cewa in muna sa rai, "ƙyale shi, yâa zoo." Ta yi shiru tana kallon allo, sannan ta ce, "Malam, mu a Yarbanci ai a rubuce ake sa mana wannan, me ya hana ku?" Kunnenta ya saba da kari tun tana goye, ba wanda ya taɓa nuna mata inda namu yake ne kawai. Wata shida tana karanta "ya zo" a littafi tana furta shi iri ɗaya.

Don haka duk lokacin da mai tambaya ya ce shi mai koyo ne, ko Hausarsa ta nuna haka, kalmar da ya tambaya a sa mata alama a karon farko da ta fito. In ana kwatanta kalmomi biyu masu rubutu ɗaya, nan kam wajibi ne, haka ma in magana ta shafi su ya, ta, mu, su na gaban aikatau. Sauran bayanin a bar shi yadda aka saba rubutawa. In Bakano ne ya aiko yana tambayar asalin wani karin magana, a ƙyale shi da alamomi, ba ya bukata.

Sai dai don Allah kada malamin ya sa su da ka. Alamar da aka sa ba daidai ba ta fi rashinta ɓarna, domin mai koyo zai haddace ta da yaƙini. Mu 'yan asali muna furtawa daidai amma da wuya mu ce ga inda murya ta hau, ni kaina na sha kunya a gaban ɗalibai kan wasalin ƙarshe. Dabarata ita ce in rufe baki in yi gunjin kalmar ba tare da haruffa ba, ko in yi ta da fito. Kuukaa na hawaye zai tafi a miƙe, kuukàa ta miya za ta sauka a ƙarshe. In fito bai raba mini gardama ba sai in buɗe ƙamus. Kuma kada ku ce mini injin bugawa ba shi da alamomin, wannan wasiƙar a wayata na rubuta ta, danna wasalin kawai na yi na riƙe suka fito.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, ina shafin farashin hatsi ya shiga? Mako uku ke nan kun maye gurbinsa da hotunan biki. Maƙwabcina dattijo don shi kaɗai yake sa a sayo masa jaridar, yanzu kullum ni yake tsarewa da tambaya kamar ni na cire.

Ina jiran ganin malaminku ya sake amsa wa matar nan, da alamomi a kan fari huɗun.

Naku,
Wani malamin ajin yamma,
Sabon Gari, Kano.