Sanarwa kan takardar hayar shago

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu shaguna, ina yi mana fatan alheri.

Wa'adin hayar da yawa daga cikinmu ya kusa cika, shi ya sa za mu zauna ranar Lahadi bayan la'asar. Don Allah kowa ya zo da takardar yarjejeniyarsa da rasidin kuɗin ajiya.

Kafin nan, a duba sharaɗin ƙarin kuɗin haya. Idan takarda ta ce ƙarin kashi 10 cikin ɗari duk shekara 2, mai biyan 500,000 zai koma 550,000, a zagaye na biyu kuma 605,000, idan an ɗora ƙarin a kan sabon kuɗin. Idan a kan na farko ne, 600,000 ne. Wanda aka rubuta masa "gwargwadon farashin kasuwa" shi ya fi damuna, ya duba wa zai yi kimar, da abin da za a yi idan an saɓa.

Kuɗin ajiya ba haya ba ne, jingina ce da ake cire bashi ko ɓarna daga ciki. Wanda ya shiga bai ɗauki hoton bango, ƙasa da mita ba, ya ɗauka yau, don tsohuwar tsaga kan koma kan ɗan haya ranar fita.

Gyaran rufi da ginshiƙi yawanci na mai gida ne, amma takardar ce ke yanke hukunci. Wata takan ɗora wa ɗan haya komai.

Kada kowa ya sa hannu kafin zaman.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.