Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi: a gwada manhajar gano rubutun inji kafin a hukunta ɗalibi da ita

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin Ingilishi ne a nan Tawa. Na rubuto ne kan manhajojin da ake cewa suna gane rubutun da ƙirƙirarriyar basira ta yi, irin su GPTZero da na kamfanin Turnitin. Malamai sun fara liƙa aikin ɗalibai a cikinsu, abin da suka faɗa kuma ya zauna. Roƙona shi ne ma'aikatarka ta hana a ɗauki makin manhajar a matsayin hujja, domin mai rubutu da Ingilishin koyo ta fi kamawa, ko da guminsa ne ya rubuta.

Ranka ya daɗe, manhajar ba ta ga wanda ya zauna ya yi rubutun ba. Abin da da yawa daga cikinsu ke aunawa shi ne sauƙin hasashen kalma ta gaba. In na ce “Ina kwana?” aka amsa “Lafiya…”, kowane Bahaushe ya san “lau” ce ke tafe. Haka take bin rubutu kalma bayan kalma, tana duba ko wadda ta zo ita ce wadda aka fi zato. In kusan kullum zatonta na cin daidai, sai ta ce inji ne ya rubuta, saboda ChatGPT da ire-irensa kalmar da ta fi dacewa da zato suke yawan ɗauka. Wasu kuma suna ƙarawa da duba tsawon jimloli: in duk kusan tsawonsu ɗaya, gininsu ɗaya, zargi ya ƙaru.

To wane ne ke rubutu haka a cikin mutane? Ɗalibinmu. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Buzanci, ya yi lakkwal da Faransanci, sai a kwaleji ya haɗu da Ingilishi. Kalmomin da ya amince da su kaɗan ne, su yake juyawa. In ya san kalma ɗaya tak ta faɗin “muhimmi”, ita zai sa a kowane sakin layi, alhali ɗan Landan yana da biyar, kuma yakan yi wasa da su. Ɗalibinmu ba ya wasa, tsoron kuskure yake. Mu ne ma muka hore shi haka: gajarta jimla, fara da gabatarwa, ce “na farko”, ce “bugu da ƙari”, rufe da “a ƙarshe”. Wanda ya fi bin darasin sau da ƙafa shi ne rubutunsa ya fi santsi, kuma santsin nan ne manhajar ke kira aikin inji.

Na ga wannan da idona. Wani ɗalibina daga wajen Galmi ya rubuta takardar neman tallafin karatu zuwa wata jami'a a waje. A gabana ya fara ta da biro, na yi masa gyara da jan alƙalami, ya sake kwafewa. Da muka sa ta a ɗaya daga manhajojin, sai ta shafa wa farkon takardar da ƙarshenta launin zargi, wato daidai wuraren da ya jera jimlolin ladabi da na koya masa, masu cewa yana farin cikin neman gurbi kuma zai yi wa ƙasarsa hidima. Sakin layin da ta bari fari fat shi ne inda yake ba da labarin yadda albasar mahaifinsa ke ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi. A nan ne nahawunsa ya ɗan karkace, amma a nan ne kuma kalmomin da ba a zato suka fito. Yaron ya dube ni ya ce, “Malam, ke nan in mayar da kurakuran?” Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Masana sun riga sun auna abin. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada manhajoji 7 da rubuce-rubuce 91 na TOEFL, jarrabawar gwajin iya Ingilishi, waɗanda ɗaliban da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne suka yi. A matsakaicin lissafi, kimanin kashi 61 cikin 100 aka ce na inji ne. Guda 89 daga cikin 91 aƙalla manhaja ɗaya ta zarge su, 18 kuma duk bakwai ɗin suka haɗu a kansu. Rubutun yaran Amurka ƴan aji takwas kuwa kusan duka ya wuce lafiya. Abin da ya fi ɗaure kai: da aka ba ChatGPT rubutun TOEFL ɗin ya ƙawata kalmominsa, zargin ya sauko zuwa wajen kashi 12. Wato wanda ya bi ta inji ya tsira, wanda ya tsaya da ƙafarsa ya faɗa rami.

Shi kansa OpenAI, kamfanin da ya ƙera ChatGPT, ya fitar da tasa manhajar ganowa a Janairun 2023, ya janye ta a Yulin shekarar saboda rashin daidaito. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ma ta daina amfani da manhajar ganowa ta Turnitin a Agustan 2023. Lissafinta mai sauƙi ne: takardu 75,000 ta tura a 2022, ko da kuskuren kashi 1 ne kacal kamar yadda kamfanin ya yi iƙirari, takardu 750 ke nan za a iya zarga a banza.

Ban ce babu masu satar amsa ba. Akwai su, ina kama su, kuma ba da manhaja ba. Na kuma san kamfanonin na cewa sun gyara kayansu tun bayan wancan bincike, kuma rubuce-rubuce 91 ba yawa ba ne. Shi ya sa nake neman mu yi namu gwajin, tunda kundin tsarin ƙasa na 2025 ya sa Ingilishi cikin harsunan aiki, rubutu da shi zai ƙaru ne. Kayan gwajin na nan jibge. Ɗakunan karatu na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai da sauran jami'o'inmu na da kundayen kammala karatu da aka kare kafin Nuwamban 2022, lokacin da ChatGPT ya fito. A ɗebo 100 na sashen Ingilishi, a sa su a duk manhajar da wani ke son mu saya. Duk wanda ta ce na inji ne, mun san ƙarya ta yi, sai a ƙirga. A yi haka da na Faransanci ma, domin shi ma ba da shi aka haife mu ba.

Kafin sakamakon ya fito, ina roƙon a aika wa jami'o'i da manyan makarantu takardar umarni cewa kada a ba ɗalibi sifiri ko a hana shi kare kundinsa saboda makin manhaja kaɗai. Malamin da ya yi shakka ya kira ɗalibin, ya nemi daftarinsa na farko da littattafan da ya karanta, ko tarihin gyare-gyaren fayil ɗin in a Google Docs ya rubuta. Sannan ya buɗe shafi ɗaya ya ce, “Bayyana mini wannan da bakinka, da Faransanci ko da Hausa in ka so.” Wanda ya rubuta zai yi bayani har ya faɗi abin da ya cire, wanda ya kwafo kuwa a tambaya ta biyu yake tsayawa. A kuma ba wanda aka zarga damar ɗaukaka ƙara gaban wani malamin da ba shi ne ya zarge shi ba.

Allah ya taimaki Minista, ya yi jagora.

Naka,
Wani malamin Ingilishi, Tawa