Lissafin kilomita ya tsaya mini, Malam a duba mini

Assalamu alaikum Malam, da fatan ka tashi lafiya.

Ni direban Adaidaita Sahu ne a nan Kano, hanyar Bata zuwa Kabuga nake bi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake ƙara kuɗin mota da ka, amma kullum sai in koma gida da abin da bai kai cefane ba. Shi ya sa na sayi ɗan littafi, na yi sati ɗaya ina rubuta lambar mita safe da dare.

A rana ina cin kilomita 120, ina ƙona lita 6. A naira 900 da na sayi lita a satin, kowace kilomita tana shan man naira 45. Baƙin mai na 4,000 nake juyewa duk kilomita 800, wato naira 5. Tayoyi uku na saya 60,000 a Ƙofar Ruwa, na ƙaddara za su kai kilomita 15,000, naira 4 ke nan. Birki da fulogi da kuɗin makaniki na ware musu naira 6. Da zarar taya ta juya, naira 60 ta tafi. Sai balas ɗin mai babur 5,500 da rasit 500, waɗanda dole in biya ko na samu ko ban samu ba. Da na raba su a kan kilomita 120 suka ba ni naira 50. Jimla naira 110.

A nan na fara yin kuskure, don na ɗauka 110 ɗin ce farashina. Ashe kilomita 40 daga ciki babu kowa a baya, ina ta waige a bakin titi ko ina komawa gida. Naira 13,200 da nake kashewa a rana, kilomita 80 ne kaɗai ke biyanta, wato naira 165 kowace ɗaya. Bata zuwa Kabuga mitata ta nuna kilomita 8, kuɗinta 1,320. Ni kuwa mutum uku nake ɗauka a 400, in tashi da 1,200. Wallahi ranar da na ga wannan a rubuce, a zaune na kwana.

Malam, gumina ina ake saka shi a lissafin nan? In yanka wa kaina albashin rana in haɗa da balas, ko in ɗora riba a kan 165? Sannan gosulon Kantin Kwari, inda inji ke shan mai mita ba ta motsi, yaya zan caje shi ga mai shata? Na kuma san in na ce 550, fasinja zai tare na bayana. Shin in rage yawon banza ne in riƙa jira a tasha har in cika, ko in sauya hanya?

Ina sauraron amsarka. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai Adaidaita daga Rijiyar Zaki